Kwalba guda daga Abijan, mutum huɗu a gida: wa zai sha?

Baban Nafisa: Salamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin magani. Ƙanena da ke bida a Abijan ya aiko mana da wata babbar kwalbar bitamin, irin wadda ake cewa ta haɗa komai da komai, ƙwaya 90 a ciki. Ya ce jika goma sha biyar ya saye ta, kuma kowa a gida ya riƙa shan guda kullum, in ta ƙare zai sake aikowa. Mu huɗu ne a nan Tawa. Ni Mahamadu, shekarata 41, ɗinki nake yi. Mai ɗakina tana da juna biyu, wata huɗu. Tsohuwarmu shekara 67, tana da ciwon suga. Sai Nafisa mai shekara 3. Abin da ya dame ni shi ne mai ɗakin tawa ta aje jajayen ƙwayoyin da aka ba ta wurin awo, ta ce suna tayar mata da zuciya, ta koma kan wannan tun da ita ta waje ce kuma ta fi tsada. Yau kwana goma ke nan. Ya yi daidai?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a ce komai, ɗauko karnen awonta ka duba ko an auna jininta, ka faɗa mini nawa aka rubuta. Sannan ka juya bayan kwalbar, ka karanto mana abin da ke gaban fer, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, da asid folik, da bitamin A, da B12. Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa kafin in aje aiki, kuma wannan magana ta aje jar ƙwaya na ji ta ba adadi.

Ila Bagga: Ni dai a ganina duka wannan ɓarnar kuɗi ce. Kakanninmu mi suka sha? Hura da nono da zogale. Wanda ke cin dambun zogale ba ya bukatar wata ƙwaya. Jika goma sha biyar ɗin nan da ya aiko su an sayi hatsi da wake da ya hi.

Baban Nafisa: Hajiya ga shi. A karne an rubuta 9.4, sati ukku da suka wuce. A bayan kwalba kuma, kowace ƙwaya: fer miligiram 14, asid folik mikrogiram 200, bitamin A mikrogiram 800, B12 mikrogiram 2.5. Akwai wasu da yawa a ƙasa, har da jinsen da kafeyin. A gaban waɗannan huɗun duka an sa kashi 100.

Hajiya Rabi: To ka ga abin da nake gudu. Mai juna biyu in jininta ya kasa 11, mun ce jini ya yi ƙasa. Ita tana 9.4, kuma cikin yanzu zai fara jan jini sosai, don daga wata huɗu zuwa gaba ne jikinta ke ƙara ruwan jini, ɗan kuma yana tara nasa. Jar ƙwayar nan da ta raina, kowace guda tana da fer miligiram 60 da asid folik mikrogiram 400. Ta Abijan 14 da 200. Wato ta bar kwano cike ta koma kan ludayi. Kuma 60 ɗin nan na rigakafi ne, na matar da jininta ke daidai. Wadda jininta ya riga ya sauka kamar taka, sau da yawa 120 ake ba ta a yini har sai ya dawo, shi ya sa za ka ga an ce ta sha biyu. Duba karnen, ina jin haka aka rubuta mata.

Kashi 100 ɗin da ka gani kuwa, an yi lissafinsa ne da babban mutum mai lafiya, ba da mai ciki ba. Ta koma kan jar ƙwayarta yau, ba gobe ba.

Baban Nafisa: Haka ne, biyu aka rubuta. To in ta sha huɗu na wannan fa, tun da ita ba ta tayar mata da zuciya? 14 sau huɗu ai ya kusa 60.

Abdu mai farmasi: Malam Mahamadu kar ka yi haka. Ina aiki a farmasi a Yamai, kuma lissafin nan naka shi ne tarkon da ke cikin ƙwaya mai haɗe-haɗe. In ka ninka abu guda, ka ninka duka. Ƙwaya huɗu za su ba ta fer miligiram 56, gaskiya ne, amma za su ba ta bitamin A mikrogiram 3,200. Iyakar da aka sa wa mai ciki 3,000 ce a yini, abin da wasu kwalabe ke rubutawa UI 10,000. Bitamin A irin wanda ake kira retinol ba ya fita da fitsari kamar yadda bitamin C ke fita, hanta ce ke aje shi, kuma in ya yi yawa yana iya taɓa halittar ɗan da ke ciki, musamman a watannin farko. Ga kafeyin sau huɗu, ga jinsen wanda ba a ba masu ciki don ba a tabbatar ba ya cutarwa ba. Kuma bayan duka wannan, ba ta kai rabin 120 ɗin da aka rubuta mata ba. Dalilin da ya sa ba ta jin tashin zuciya da ita ma shi ne fer ɗin kaɗan ne a ciki.

Hajiya Rabi: Tashin zuciyar kuma akwai dabararsa, kar a ce mata ta daure kawai. Ta daina sha da sassafe ciki wayam. Ta sha guda bayan ta ɗan ci abu da rana, guda da dare in za ta kwanta. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne, ragowar fer ɗin ne da jiki bai ɗauka ba. In ya yi tauri ta ƙara ruwa da ganye. In duk da haka ta kasa, ta koma wurin sajifam ta faɗa mata gaskiya, a rage mata zuwa guda ko a canza mata iri. Abin da ba na so shi ne a karɓo a jefa ƙarƙashin katifa, a zo awo a ce ana sha.

Sai maganar shayi. Na san gidajenmu, ana gama cin abinci a ɗora buta, na ɗaya, na biyu, na ukku. Shayi yana kama fer ya hana hanji ɗauka, nono ma haka. Ta bar awa biyu tsakanin ƙwayar da shayi ko hura da nono. In akwai lemun tsami ko tumatir ko mangwaro ta haɗa da su, suna taimakawa. Bayan wata guda a sake aunawa. In tana sha da gaske ya kamata a ga ya hau da kamar giram guda. In bai motsa ba, akwai inda jinin ke zuba ko abin da ke cin sa, sai a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki. Ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi guda ukku da ake ba su a wurin awo, ta tabbatar tana karɓa.

Ila Bagga: Hajiya da girmanki, amma in ta riƙa cin zogale sahe da marece ba zai maida jinin ba? Kowa ya san zogale na ƙara jini.

Hajiya Rabi: Ila, ba na faɗa da zogale, a gidana ma akwai itacensa biyu. Yana da fer, yana da abin da jiki ke mayarwa bitamin A ba tare da haɗarin da Abdu ya faɗa ba. Amma fer na ganye da na hatsi kaɗan ne hanji ke iya ɗauka daga cikinsa, ba kamar na nama ba. Zogale zai taimaka wa mai jini daidai ya riƙe jininsa. Ba zai ɗaga mace daga 9.4 cikin wata biyar da suka rage mata ba. Na ga matan da suka zo haihuwa tafin hannunsu fari fat, jinin da wata za ta zubar ta tashi ta yi wanka, su shi ne ke kai su ga neman ƙarin jini da tsakar dare. Ta ci zogale, ta sha ƙwayarta.

Maman Halima: Don Allah tun da ana maganar bitamin, wane ne ya fi sa ƙiba? Ƙanwata za a yi wa aure bayan salla, ta rame ƙwarai. Wata ƙawarta ta ba ta wani siro da wasu ƙananan ƙwayoyi farare da ake sayarwa a tire, ta ce bitamin ne. Sati biyar tana sha, fuskar ta ciko, amma barci take yi kamar me.

Abdu mai farmasi: Maman Halima wannan ba bitamin ba ne, kuma ina roƙonki ki ɗauki maganar da gaske. Babu bitamin da ke sa ƙiba, don bitamin ba shi da mai ba shi da suga. Siron da ke sa ci da barci, ki duba jikinsa, kusan kullum za ki ga siproheptadin. Asalinsa maganin ƙaiƙayi ne da mura, ci da barcin illarsa ce, sai a zuba masa ɗan bitamin B a rubuta bitamin da manyan baƙaƙe. Ƙananan farare kuwa na fi zargin deksametazon. Cikowar fuskar nan ba ƙiba ba ce ta lafiya, ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska da wuya da ciki, ƙafafu kuma su sirance. Yana kawo hawan jini da suga da nankarwa, yana rage wa jiki ƙarfin faɗa da ciwo. In shi ne, bayan sati biyar kar ta yanke shi dare ɗaya, don jikinta ya rage yin nasa irin wannan sinadari, yankewa farat ɗaya na iya kayar da ita. Ku ɗauki siron da ƙwayoyin ku je wurin lokotoro, ya gani da idonsa, ya tsara mata yadda za ta rage a hankali.

Maman Halima: Innalillahi. Gobe zan kai ta. Na gode yaya Abdu.

Malam Salisu: Bari in dawo da mu kan tambayar asali. Ni malamin lise ne, ba na asibiti ba, amma na karanta wannan batu. A 2024 an fitar da wani bincike a Amurka da ya bi mutum kusan 390,000 sama da shekara 20. Masu shan irin wannan ƙwaya kullum ba su fi waɗanda ba sa sha tsawon rai ba. Saboda haka ni ina tare da Ila. Kasuwanci ne kawai. Duk wanda ya sha, fitsarinsa ne zai yi rawaya, kuɗinsa ya bi makwarara.

Abdu mai farmasi: Malam Salisu binciken gaskiya ne, kuma akwai wanda ya riga shi a 2012, na likitoci maza sama da 14,000 masu shekara 50 zuwa sama, aka bi su kusan shekara 11. Ciwon zuciya bai ragu ba, ciwon daji ya ɗan ragu da kashi 8 cikin ɗari. Amma ka duba su wane ne aka gwada. Mutane ne masu cin nama da ƙwai da madara da ƴaƴan itace duk shekara. Wanda tulunsa ke cike, in ka ƙara masa ruwa zubewa zai yi. Ba za ka ɗauki sakamakon likitan Amurka ka ɗora wa matar da ke ƙauye cikin watan Yuli, rumbu ya ƙare, tuwo da miyar kuka sau ɗaya a yini, tana shayarwa ba. Ita akwai giɓi, kuma ba na abu guda ba. Shi ya sa ma aka haɗa wata ƙwaya ta masu ciki mai sinadari 15, da fer miligiram 30 da asid folik 400, wadda hukumar lafiya ta duniya ta sa cikin jerin muhimman magunguna a 2021. Ita ma haɗe-haɗe ce, amma an auna ta daidai da mai ciki.

Rawayar fitsarin kuma bitamin B2 ne, launinsa ke nan. Ba ya nuna maganin na aiki, ba ya nuna ba ya aiki.

Malam Salisu: Na yarda da batun mai ciki. Amma matar ƙauyen da ka ambata ba ita ke sayen kwalbar jika goma sha biyar ba. Masu saye su ne ma'aikatan Filato masu cin brosheti kowane dare. Wanda ke bukata ba shi da kuɗin, mai kuɗin ba ya bukata.

Abdu mai farmasi: A nan kam ba zan musa maka ba. Yawancin masu sayen ta a wurinmu lafiyarsu lau, gajiya ce ke kawo su. Ina tambayarsu awa nawa suke barci, an auna musu hawan jini da suga ko a'a. Wasu su ji, wasu su ce in ba su kawai.

Zalika: Ni tawa daban ce. Ɗana mai shekara 7 yana da emasi, amosanin jini, kullum jininsa ƙasa yake. Dangi kowa ya zo sai ya kawo maganin ƙarin jini, har da irin wannan mai haɗe-haɗe. A cibiyar masu emasi ta Yamai aka ce mini kar in ba shi komai mai fer sai an auna an ce ya rasa. Nasu jinin fashewa yake yi, fer ɗin na nan cikin jiki bai tafi ko'ina ba, kuma kowane ƙarin jini da aka yi masa yana ƙara tara masa wani. Sau huɗu aka ƙara masa. Asid folik kawai yake sha. Na faɗi ne don kar wata uwa ta ji Hajiya ta ce jar ƙwaya ta je ta ba ɗanta.

Hajiya Rabi: Allah ya yi miki albarka Zalika, kin gyara mini. Ba kowane ƙarancin jini ne rashin fer ba. Allah ya ba yaron lafiya.

Baban Nafisa: Amin. Na gane batun mai ɗakina, na karanta mata, ta ce za ta koma. To tsohuwa fa? Ita ta fi kowa son kwalbar don ɗanta ne ya aiko. Shekara tara tana shan metformin, maganin suga. Tun bara take kukan tafin ƙafarta na yi mata zugi kamar ana tsira allura, wani lokaci takalmi ya fita ba ta sani ba.

Abdu mai farmasi: A gidanka, bayan mai ciki, ita ce na fi damuwa da ita. Abu biyu sun haɗu mata. Mutum in ya tsufa cikinsa na rage ruwan da ke ciro B12 daga abinci. Metformin kuma in an daɗe ana sha yana rage shigarsa jiki, shekara tara ba kaɗan ba ce. In tana shan omefirazol don gyambon ciki, ya zama ukku. Rashin B12 na taɓa jijiya, kuma alamarsa ita ce wadda ka faɗa, zugi da mutuwar ƙafa, wani lokaci da mantuwa da tangaɗi wurin tafiya. Matsalar ita ce ciwon sugan kansa yana yin haka, ba za a bambance da ido ba. Sai analiz na B12.

In rashinsa ne, mikrogiram 2.5 da ke cikin kwalbar ba zai yi komai ba. Wannan adadin abin da mai lafiya ke bukata ne a yini. Magani mikrogiram 1,000 ne, ko allura ko ƙwaya, ninki 400 ke nan. Kuma jijiya in ta daɗe a lalace ba ta dawowa duka, don haka kar a bar shi ya ƙara shekara. Metformin ɗin kuma kar ta aje, ba a barinsa saboda wannan, ƙara B12 ake yi a kai.

Ila, a nan ne zogale ba shi da abin cewa. B12 babu shi a ganye ko hatsi ko wake. Sai nono, ƙwai, nama, kifi, hanta.

Ila Bagga: To ai na ce hura DA nono.

Abdu mai farmasi: Ka faɗa, gaskiyarka. Mai shan nono kullum yana samu. Amma ita tsohuwa matsalar ba a kwano take ba, a hanji take.

Hajiya Rabi: Abdu, analiz ɗin nan ba ko'ina ake yin sa ba, kuma da tsada. Ka ce tsohuwa ta hau mota kilomita sama da 500 zuwa Yamai don shi? Ni da a ce uwata ce, lokotoron da ke duba sugarta zan samu in ce ya rubuta mata B12 ɗin kawai. Ba ya cutarwa in ya yi yawa, kuɗinsa bai kai na mota ba.

Abdu mai farmasi: Hajiya akwai likitocin da ke yin haka, ban ce kuskure ba ne. Tsorona shi ne da zarar an fara sha, analiz ba zai ƙara nuna gaskiya ba, ba za a san ko na wata ukku ba ne ko na har abada. Kuma in zugin na suga ne, sai hankali ya kwanta a kan bitamin a bar duba ƙafar, har gyambo ya fito. A tambaya tukuna ko ana iya ɗibar jinin a Tawa a aika.

Hajiya Rabi: A tambaya ɗin. Amma in aka ce sai wata biyu, ni ban ga dalilin jira ba. Ƙafar kuma a riƙa duba ta kowane dare, har tsakanin yatsu, ko da wane ne a cikinmu ke da gaskiya.

Abdu mai farmasi: Wani abu kuma game da ita. Macen da ta daina al'ada bukatarta ta fer ta koma kamar ta namiji, miligiram 8 a yini, alhali mai al'ada 18 take nema. Shi ya sa kwalaben da aka yi don masu shekara 50 zuwa sama yawanci ba su da fer, ko kuma kaɗan ne a ciki, sai a ƙara B12 da bitamin D. In za a saya wa tsoho, wannan ake dubawa. Kuma tsoho in jininsa ya sauka ba a rufe shi da ƙwaya, ana neman inda yake zuba, ciki ne ko hanji. Ga kafeyin a cikin wannan, in tana da hawan jini ban so mata shi ba.

Baban Nafisa: Tana da shi. To Nafisa fa? Na yi niyyar in riƙa raba mata rabi.

Hajiya Rabi: A'a. Ta manya ce. Abin da Nafisa ke bukata kyauta ake ba da shi. Ɗan jan ƙullin nan da ake yanke bakinsa a matsa wa yaro a baki lokacin rigakafi, bitamin A ne UI 200,000, na yara daga shekara 1 zuwa 5, duk wata shida. Shuɗin na ƴan wata 6 zuwa 11 ne, rabin wancan. Tare ake ba da maganin tsutsa. Duba karnenta ka ga yaushe aka ba ta na ƙarshe. Sauran kuma tukunya ce, ƙwai in an samu, wake, ɗan kifi, mangwaro lokacinsa, hanta ƴar kaɗan sau ɗaya a sati.

Kuma ka ɗaga kwalbar nan sama, tare da jajayen na uwarta. Suna kama da alawa. Yaro kamar Nafisa in ya haɗiye jajayen nan cikin hannu guda yana iya mutuwa, fer guba ne ga yaro in ya yi yawa. In hakan ta taɓa faruwa a tafi likita nan take ko da yaron na wasa, don yakan yi amai ya lafa kamar ya warke, daga baya hanta ta kamu.

Malam Salisu: Wato cikin mutum huɗu, ukku sun fita. Saura mai gida, wanda shi ne ya fi kowa lafiya. Ba abin da na faɗa ke nan ba?

Abdu mai farmasi: Ya danganta da abin da yake ci. Malam Mahamadu, jiya me ka ci tun safe? Kuma kana shan taba?

Baban Nafisa: Taba a'a. Da safe shayi da burodi. Da rana shinkafa da wake a kasuwa, da mai da yaji. La'asar hura da nono. Dare tuwo miyar kuɓewa. Nama kamar sau biyu a sati. Lokacin ɗinkin salla kuwa wani lokaci shayi ne kawai har dare.

Abdu mai farmasi: Na tambayi taba ne don akwai kwalabe masu beta-karoten da yawa, abin nan da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma gwajin da aka yi a Finlan kan masu shan taba kusan 29,000, wanda ya fito a 1994, ya nuna ya ƙara musu ciwon dajin huhu. Kai wannan bai shafe ka ba. Abincinka ba laifi, akwai wake, akwai nono, akwai nama, man da ake sayarwa a galan ma da yawansa an ƙara masa bitamin A. Abin da ya yi ƙaranci ɗanyen abu ne, ganye da ƴaƴan itace. In ka sha guda a yini ba za ta cuce ka ba, ka sha da safe bayan ka ci abu saboda kafeyin. Amma kar ka sa ran ta ɗauke maka gajiyar ɗinkin salla. Ka aje ta cikin ɗaki mai inuwa, ba a shago ƙarƙashin kwano ba, zafin Afrilu na Tawa ya wuce abin da aka rubuta a jikinta nesa. Ta biyu kuwa ni ba zan ce a saya ba.

Ila Bagga: Ka gani ko. Hatsi da wake.

Zalika: Ba haka aka ce ba Ila. An ce matar ta sha ƙwaya, tsohuwa ma wataƙila allura za a yi mata. Kwalbar ce dai ba tasu ba.

Malam Salisu: Ni har yanzu ban gamsu shi ma ya sha ba. In babu giɓi, me ake cikewa?

Abdu mai farmasi: A watan da yake wuni da shayi akwai giɓi, Malam. Ko ƙwaya ce ta dace da shi ko kwanon abinci, wannan kai da shi.

Baban Nafisa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Abin da ya rage mini shi ne yadda zan gaya wa ƙanena ba tare da ransa ya ɓaci ba, don da guminsa ya saya. Ina jin zan ce masa kuɗin ta gaba ya turo su a yi wa Inna analiz. Hajiya, ranar Litinin za mu koma awo. In an sake auna jinin yanzu, bayan kwana goman da ta yi ba ta sha, zai nuna wani abu, ko mu bari sai ta yi wata guda a kan jar ƙwayar?

Hajiya Rabi: Ku je Litinin ɗin, ta faɗa wa sajifam ta tsaya kwana goma, kar ta ɓoye. Ita za ta ga ko a auna yanzu. In kafin nan ta fara haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, ko jiri, ko zuciya na bugawa da ƙarfi tana zaune, kar ku jira Litinin. Ka tafi da kwalbar Abijan ɗin ma ka nuna mata.